An taɓa mini albashi saboda bashin haraji

Tambaya: "Malam, albashina naira 180,000 ne, amma 120,000 suka shigo wannan watan. Akanta ya ce hukumar haraji ta jiha ce ta aiko takarda, wai ana bina 420,000 na wani shago da na rufe tun 2022. Ko barci ba na yi. Me zan ce musu?"

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya yaye. Kada ka ga laifin akanta. Dokar haraji ta ba hukuma ikon naɗa duk wanda kuɗinka ke hannunsa, banki ko mai biyanka albashi, ya biya a madadinka, in ya ƙi kuma shi za a bi.

Karɓi kwafin takardar a wurinsa, ka rubuta wa shugaban hukumar wasiƙa. Ka tambaya: wannan bashi na waɗanne shekaru ne, nawa ne asalin harajin, nawa ne tara da ruwa, kuma yaushe aka miƙa maka takardar kimantawa, wato wadda ke nuna harajin da aka yanka maka? Tambayar ƙarshen nan ita ce ƙashin bayan maganarka, domin kwana 30 doka ta ba mutum ya yi ƙorafi a rubuce, daga ranar da aka miƙa masa takardar. Idan ba ta taɓa zuwa hannunka ba, faɗi haka ƙarara. Haɗa da shaidar rufe shagon, kamar takardar mayar wa mai gida makulli, da tsofaffin rasitai. A buga wa kwafinka hatimin karɓa da kwanan wata kafin ka fito. In sun ƙi gyarawa, akwai kotun ƙorafin haraji, wadda ta shiyyar arewa maso yamma ke zama a Kaduna.

Amma idan takardar ta zo ka jefa ta a durowa har wa'adin ya wuce, to sai lallashi. Nemi biya kashi-kashi da lissafi a hannu: haya, kuɗin makaranta, cefane, sannan ka ce 25,000 za ka iya, wato wajen wata 15, tunda an riga an cire 60,000, saura 360,000. Amincewa tana hannunsu.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tsayuwa a bakin ƙofar ofis. Mutum zai tare ka da jaka a hammata, ya ce kawo dubu 50 a goge sunanka daga kwamfuta. Babu abin da zai goge! Wata na gaba a sake yankar albashin, shi kuma wayarsa a kashe. Ko kwabo kada ka ba kowa a hannu, kada ka tura asusun mutum. Biya a asusun gwamnati kawai, ka koma ofis a tabbatar rasitin ya shiga fayil ɗinka, don na jabu sun cika gari.

Tambaya: "In na ajiye aikin, bashin ya faɗi?"

Amsa: Haba Malam! Sunanka ake bi, kuma irin takardar da aka aiko wa akanta tana iya zuwa bankinka gobe.