Sonsa nake yi ko tsoron kaɗaici ne ya riƙe ni?

"'Yan'uwa ku ba ni shawara. Shekara huɗu ke nan muna tare da wani, amma kusan shekara guda ba na jin daɗin tarayyarmu. Sau biyu na yanke shawarar rabuwa, sai dare ya yi in ji kamar raina zai fita, in ɗauki waya in kira shi. Ta yaya zan gane ko sonsa nake yi da gaske, ko tsoron zama ni kaɗai ne ya hana ni tafiya?"

'Yar'uwa, sannu. Na taɓa shiga irin wannan halin na tsawon shekara biyu, don haka zan gaya miki abin da na yi da kuma inda na yi kuskure.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki zafin da nake ji a matsayin ma'aunin so. Idan ya yi kwana biyu bai neme ni ba, gabana ya dinga faɗuwa ke nan, barci ya ƙaurace mini, in yi ta duba waya. Sai in ce wa kaina, ai da ba sonsa nake yi ba da ban shiga wannan tashin hankalin ba. Amma wannan zafin ba ya rarrabe komai. Wadda take so tana jin sa, wadda take tsoro ma tana jin sa, har ma wadda sabo kawai ya ɗaure. Shi ya sa ake cewa sabo ake yi wa kuka. Idan kika tambayi zuciyarki da ƙarfe ɗaya na dare, amsa ɗaya za ta ba ki kullum, domin a lokacin so take a kashe mata wutar da ke cinta, ko da wane ruwa ne.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne lura da abin da nake ji bayan ya kira. Akwai bambanci tsakanin ajiyar zuciya da farin ciki, kuma na daɗe ina rikita su. Idan sunansa ya fito a wayata sai in ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Daɗi sosai. Amma da mun yi minti goma muna magana sai in ga babu abin da nake son gaya masa, babu abin da nake son ji daga bakinsa, har na fara ƙosawa ya ajiye. Wato kiran nake buƙata, da tabbacin cewa akwai wani. Mutumin da ke kan layin bai dame ni ba sosai. Kuma ki lura, wanda yake ɓacewa ya dawo, ya yi sanyi yau ya yi zafi gobe, shi ya fi haifar da irin wannan ajiyar zuciyar, domin sai an tayar miki da hankali kafin a kwantar da shi. Da yawanmu muna kiran wannan soyayya mai ƙarfi.

Sai na sayi ƙaramin littafi na yi makonni uku ina rubutu. Duk lokacin da na ji "ba zan iya rabuwa da shi ba" ta taso mini, sai in rubuta ƙarfe nawa ne, me ya faru kafin nan, sannan in ƙarasa wannan jimlar da abin da ya fara zuwa mini: "Ina son in zauna saboda..." Ba na gyarawa, ba na ƙawatawa. Da makonni ukun suka cika na zauna na ƙirga. Na rubuta sau 26. A cikinsu 19 bayan ƙarfe tara na dare ne, ko ranakun hutu da ba ni da wurin zuwa. Sau huɗu bayan na ga hotunan ƙawayena da mazajensu ne. Sau uku kacal abin ya taso mini muna tare da shi ko jim kaɗan bayan mun yi sallama.

Dalilan da na rubuta su suka fi girgiza ni. "Saboda shekaruna sun ja." "Saboda wa zai saurare ni idan na dawo daga aiki." "Saboda ba zan iya sake farawa da wani daga tushe ba." "Saboda me zan ce wa mutane." Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya: idan na cire shi na sa wani namiji mai mutunci a gurbinsa, jimlar za ta lalace? Guda 23 ba su lalace ba. Kowa zai iya cike wannan gurbin. Guda uku ne kawai suke magana a kansa shi kansa, kuma biyu daga ciki abubuwan da ya yi ne a shekararmu ta farko. Wannan gwajin na musanya suna shi ne mafi amfani a cikin duk abin da zan gaya miki. So yana da cikakken bayani a kan mutum: yadda yake tunani, yadda yake mu'amala da wanda bai kai shi ba, abin da yake ba shi dariya, yadda yake ba da haƙuri. Tsoro kuwa kusan kullum maganar kanki yake yi da ɗakin da babu kowa.

Daga baya na gano masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin wannan. Caryl Rusbult ta fito da wani bayani a 1980 cewa abubuwa uku ne ke riƙe mutum a cikin tarayya: gamsuwar da yake samu, yawan abin da ya riga ya zuba a ciki kamar lokaci da ƙoƙari, da kuma yadda yake kallon zaɓin da ke gabansa idan ya fita. Abin lura shi ne biyun ƙarshe za su iya riƙe mutum daram ko da gamsuwar ta ƙare. Shekaru huɗun nan naki suna da nauyi, kuma idan kina ganin babu komai a waje sai duhu, za ki ji kin manne masa, ki zaci so ne. A 2013 kuma Stephanie Spielmann da abokan aikinta a Jami'ar Toronto suka wallafa binciken da ya nuna cewa masu tsananin tsoron zama ba abokin rayuwa sun fi jure tarayyar da ba ta gamsar da su, kuma sun fi jinkirin kawo ƙarshenta. Mu dai mun riga mun san sunan abin: da babu gara ba daɗi. Matsalar ita ce mai tsoro ba ta taɓa gwada "babu" ɗin ta ga girmanta ba.

To shi ne mataki na biyu, kuma ya fi rubutun wuya. Tunda littafin ya nuna mini lokutan da tsoron ke kama ni, sai na yi niyyar cike waɗannan lokutan na wata guda ba tare da na rabu da shi ba, ba kuma tare da na yi masa barazana ba. Na shirya da yayata muna waya kullum ƙarfe tara. Na koma wani karatu da na ajiye, kwana biyu a mako da yamma. Ranar hutu ɗaya a kowane mako na ware ta ni kaɗai da gangan, na tsara abin da zan yi tun daga safe. Idan sha'awar kiransa ta taso cikin dare sai in duba agogo in ce sai bayan minti talatin. Na lura abin yana hawa ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka da kansa, yawanci kafin lokacin ya cika. Ban taɓa sanin haka ba, domin a baya ina kira tun yana hawa.

Dalilin wannan matakin shi ne ba za ki iya auna so ba alhali tsoro yana zaune a kan ma'aunin. Ki rage tsoron, ki ga abin da ya saura. Ni a mako na farko na sha wuya ƙwarai, na karya dokar sau biyu. A mako na uku sai na wayi gari na ga na yi kwana biyu ban tuna da shi ba, kuma da ya ce zai yi tafiyar kwana goma abin da na ji sakewa ce. Na yi kuka ranar, domin na gane amsar.

Kada ki ɗauka kowa a nan yake ƙarewa. Wata aminiyata ta yi irin wannan bayan na ba ta labari. Ita da ta cike lokutanta, hankalinta ya kwanta, sai ta ga har yanzu idan wani abin dariya ya faru da rana tsaka, tana cikin mutane, shi take son ta fara gaya wa. Kewarsa tana zuwa mata a ranar da take cikin walwala, ba sai dare ya raba ba. Nata so ne da ɓacin rai ya lulluɓe, suka zauna suka yi maganar da suka daɗe suna gudu, suna tare har yau. Haka kuma so da tsoro suna iya zama a zuciya ɗaya. Abin da kike nema shi ne wanne ne yake yanke miki shawara. Ki kuma sani ko da kin tabbatar son ne, wannan bai amsa tambayar ko tarayyar tana yi miki kyau ba. Waccan tambaya ce dabam.

Akwai inda wannan hanyar ba ta aiki. Idan abin da kike tsoro shi ne rashin wurin zama ko abin hannu, wannan ba kaɗaici ba ne, lissafi yake buƙata da shiri, kuma littafin zai nuna miki idan dalilanki duk can suka karkata. Idan kuma yana dukanki, ko yana yi miki barazana, ko yana bincika wayarki yana raba ki da danginki da ƙawayenki, kada ki tsaya gwaji, kada ma ki ajiye littafin inda zai gani. Ki gaya wa wanda kika amince da shi tukuna, domin lokacin rabuwa da irin wannan mutumin yana da haɗari. Sannan idan rashin barci da rashin cin abinci da ƙuncin sun wuce makonni biyu suna hana ki harkokinki, ko kina tunanin cutar da kanki, ki ga likita ko mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Damuwa mai tsanani tana dusashe jin daɗin komai, har da mutumin da ake so, sai ma'aunin ya ba ki amsar da ba daidai ba.

Shawarata a yanzu kada ki yanke hukunci na uku cikin dare, ko na tafiya ko na komawa. Sau biyun da kika yi, da rana kika yanke, dare ya warware, kuma kowane komawa yana ƙara koya wa zuciyarki cewa kiransa ne kaɗai maganin fargabar. Ki fara rubutun yau, ki sa ranar da za ki karanta shi bayan makonni uku, da safe, bayan kin yi barci. Idan kin ƙirga kina son wadda za ku duba tare, ki yi mini magana.