Muryar da aka turo guruf kan motsa hoton Baba

"Yaya, hoton marigayi Baba guda ɗaya tak gare mu, ina so in sa shi a manhajar nan mai maida hoto bidiyo ya juyo ya yi murmushi, zai fito da kamanninsa kuwa?"

To salamu alaikum, ƙanwata na ji saƙonki, Allah ya jiƙan Baba, bari in yi miki murya don abin ya fi ƙarfin taifin.

Kin ga manhajojin nan masu maida hoto bidiyo, su Kling da Runway da Luma, hoton da kika ba su shi suke ɗauka a matsayin firam na farko, wato na farko a jerin hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo, sauran kuma ƙirƙira suke yi. Yawanci daƙiƙa 5 ko 10 suke bayarwa, kuma bidiyo galibi firam 24 ne a kowace daƙiƙa, to ki lissafa, daƙiƙa 5 firam 120 kenan, ɗaya ne kacal na Baba, sauran 119 hasashe ne. Injin bai taɓa ganin Baba ba, fuskokin mutane masu ɗimbin yawa ya gani lokacin da ake horar da shi, duk inda hoton bai nuna masa ba daga can yake ciko.

Shi ya sa abubuwa biyun da kika nema, juyowa da murmushi, su ne ma suka fi ɓata kama wallahi. In a hoton bakinsa a rufe yake, to babu haƙoransa a wurin, kina cewa ya yi murmushi sai ya dasa masa wasu haƙora farare tas a jere, in Baba mai wushirya ne shi kenan ta tafi, kuma ke da kika san shi nan take za ki ji wannan ba murmushinsa ba ne. Juyowa ma haka, gefen fuskar da bai fito ba, kunne, tudun hanci in an kalle shi ta gefe, duk sai ya ƙago.

Ni na gwada da hoton kawuna, yana sanye da tabarau, na ce ya juya kai ya kalli hagu. Daƙiƙa biyun farko lafiya lau har gabana ya faɗi don kamar yana raye, muna shiga ta uku sai ƙarfen tabarau ya narke ya shige kumatu, haɓarsa ta ƙara tsawo, kafin a kai ƙarshe wani bawan Allah ne daban yake kallona. Na sake, wannan karon na ce kyamara ta tsaya cak, ya ƙifta ido kawai, kansa ya ɗan motsa kaɗan, to wannan ne ya fito har mamana ta yi shiru tana kallo.

Don haka ga yadda za ki yi. Kar ki ɗauki hoton da waya a karkace haske na ƙyalli a kai, ki yi sikanin ɗinsa in da hali, sannan ki yanke shi daga ƙirji zuwa sama yadda fuskar za ta cika wuri, don in fuska ƙarama ce a cikin hoto, kamar hoton taro, bayanin da ke cikinta kaɗan ne sai injin ya cike da nasa. Yankewar ma tana raba ki da hannuwa, yatsu su ne masifa, suna haɗewa ko su ƙaru da zarar sun motsa. Kuma ki yi hattara da manhajojin nan masu gyara tsohon hoto ya yi garau, su ma suna canja ido da baki tun kafin a zo maganar bidiyo, ki kwatanta da na asali kafin ki ci gaba.

Wajen rubuta umarni kar ki tsaya bayyana kamanninsa, hoton ya riga ya yi wannan, motsin kawai za ki faɗa, guda ɗaya, a taƙaice. Ki zaɓi daƙiƙa 5 ba 10 ba. Kuma ki sa a ranki sai kin yi kamar sau huɗu ko biyar kafin ki samu mai kyau, kowane gwaji daban yake fitowa ko da umarnin bai canja ba, kuma kowanne yana cin kiredit, to kar ki ƙarar da su a gwajin murmushi.

In ya fito ki tsayar da shi a firam na ƙarshe ki yi sikirinshot ki ajiye gefe da hoton asali, ki duba tazarar idanu, kunne, layin gashi, da wani tabo in yana da shi. In sun kauce, ki datse bidiyon a inda kamar take nan, daƙiƙa 3 masu kyau sun isa, sai ki rage gudunsa. Maɓallin nan na ƙara tsawo kuwa ki bar shi, daga ƙarshen da ya riga ya ɗan kauce yake ɗorawa, sai kaucewa ta hau kan kaucewa.

Af, akwai wani nau'in daban, irin Deep Nostalgia da MyHeritage ta fitar a 2021, shi motsin wani mutum da aka riga aka ɗauka yake ɗora wa fuskar, ƙifta ido da ɗan karkata kai, ba ki da zaɓi sosai amma ya fi riƙe kama, ki gwada shi ma.

Sannan don Allah kafin ki tura wa Mama ki fara gaya mata abin da za ta gani, kar ta buɗe kawai ta ga yana ƙifta ido. Turo min hoton ta firabet in duba girman fuskar tukuna.