Me za mu rubuta a takardar awon hawan jini kyauta?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙaramar likita a unguwar Zariya, nan Maradi. Za mu fara auna wa mutane hawan jini kyauta kowace Talata. Na rubuta a takardar da za mu raba: "Hawan jini makashi ne! Ku zo a yi muku awon jini kyauta, ku rabu da shi." Wata abokiyar aikina ta ce ya yi kama da tallar masu magani a kasuwa. Yaya zan gyara shi?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Abokiyar aikinki ta faɗi gaskiya, kuma kalmar "ku rabu da shi" ce ta jawo hakan. Awo ba ya raba mutum da hawan jini. Ciwo ne da ake lallaɓawa da magani da rage gishiri, yawanci tsawon rai. Mai lasifika a bakin tasha ne ke alkawarin warkewa, shi kuwa gobe ba ya garin. Ku kuna nan, kuma wanda kuka yi wa alkawari zai dawo ya same ku.

"Makashi" ma a cire shi. Na sha ganin dattijon da ke cewa gara bai sani ba da a gaya masa abin da zai hana shi barci. Irinsa tsoratarwa ƙara nisanta shi take yi. Abin da zai kawo shi shi ne ya ji cewa ciwon kan daɗe a jiki ba ciwon kai, ba jiri, kuma awo kaɗai ke nuna shi.

Sai "awon jini". A kunnen mutanenmu, wannan yana nufin za a soka allura a ɗebi jini a kwalba, kuma akwai masu gudun hakan ƙwarai. In kuma kika ce "awo" kawai, maza za su ɗauka na masu ciki ne. Rubuta "awon hawan jini", ki sa "tansiyo" a gefensa tunda da wannan sunan da yawa suka san shi, sannan ki faɗa a fili cewa hannu kawai ake ɗaurawa.

Inda na fi so ki tsaya shi ne kan kalmar "kyauta", domin a nan ake samun yarda, a nan kuma ake zubar da ita. Ki ɗauka wata Hajiya ta biya ɗan kabu-kabu tun daga Bagalam, aka auna ta, aka ce jininta ya hau, aka miƙa mata takardar magani ta je ta saya. A wajenku ba ku yi ƙarya ba. A wajenta kuwa an kira ta da sunan kyauta an tura ta kashe kuɗi, kuma haka za ta ba da labari a gidan suna. Layi ɗaya ne zai hana wannan, ko da kuna ganin zai rage muku jama'a. Ga yadda zan rubuta:

AWON HAWAN JINI (TANSIYO) KYAUTA
Kowace Talata, ƙarfe 8 na safe zuwa 12 na rana.
Maza da mata, daga shekara 18 zuwa sama.
Ana iya samun hawan jini ba tare da an ji ciwon komai ba.
Ba allura, ba ɗibar jini, hannu kawai ake ɗaurawa.
Awo da bayani kyauta ne. Magani ba ya cikin kyautar.

A ƙasa ki sa sunan likitarku da kwatancen da ɗan kabu-kabu zai gane, kamar masallaci ko makarantar da ke kusa. In da sauran fili, ki ƙara: "Kada a sha shayi ko taba, ko a ci goro, minti 30 kafin a zo." Waɗannan kan ɗaga awon na ɗan lokaci.

Kada ki sa 140/90 a takardar. Wanda ya karanta shi zai yanke wa kansa hukunci daga awo ɗaya, alhali ba a cewa mutum yana da ciwon sai an samu 140/90 ko fiye a ranaku biyu daban-daban, bayan ya zauna ya huta kamar minti 5. Wannan bayanin baki ne, a ɗakin awo, ki kuma rubuta masa abin da ya fito da ranar da zai dawo.

Kafin ki kai wajen bugawa, ba wani yaro ɗan makaranta ya karanta wa wata tsohuwa da ƙarfi, domin haka takardar za ta isa gidaje da yawa. Sai ki tambaye ta yaushe ne, a ina ne, me za ta biya. Duk tambayar da ta kasa amsawa, layin da ya shafe ta ne bai fita ba, shi za ki sake.