Hotunan cikin gidan burodi: me za a nuna wa mai saye, me za a gyara kafin a ɗauka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin gidan burodi a Mabera, nan Sakkwato, muna kwaɓa buhu uku a rana. Ɗiyata ta ce in sa jerin hotuna a Instagram, irin waɗanda ake ja da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a nuna yadda muke aiki don mutane su ƙara yarda da mu. Mi ya kamata in nuna? Kuma ba zan tona sirrin kwaɓina ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shawarar ɗiyarki mai kyau ce, amma kafin a ɗaga waya ki zauna ki tuna maganganun da ake yi a kan burodi a teburin mai shayi. Wani ya ce ana zuba sinadarin da ke sa shi kumbura kamar balan-balan. Wani ya ce zaƙin na sakarin ne, shi ya sa yake barin ɗaci a maƙogwaro. Wata ta ce ma'aikata gumi suke ɗigawa cikin kwaɓi, wani kuma ya rantse an rage girma an bar kuɗi yadda yake. Waɗannan zarge-zargen su ne abin da za ki ɗauka hoto a kai. Duk hoton da bai kashe ɗaya daga cikinsu ba, ado ne kawai, kuma hoton burodi mai sheƙi kowa na da shi.

Instagram na karɓar har hoto ashirin a jeri ɗaya, sai dai ba wanda zai ja yatsa sau ashirin don burodi. Bakwai ya isa. Ki bi kwaɓi guda ɗaya tak, tun daga buɗe buhu har zuwa ɗaure leda, duk a rana ɗaya, kuma a rubuta lokaci a kan kowane hoto. Lokacin nan yana da amfani ƙwarai, don shi ke nuna wa mai kallo aikin yau ne, ba tsince-tsincen hotuna daga wurare daban-daban ba.

Bari mu ɗauki kwaɓin asuba. Hoton farko shi ne wanda ke tsayar da mai wucewa, don haka kada ki ɓata shi da allon sunan shago. A tsaga burodi gida biyu da hannu, a nuna cikinsa kusa-kusa, a rubuta tambaya gajera da manyan baƙaƙe: "Me ke cikin burodinmu?" Na biyu ya ba da amsa nan take: buhun fulawa mai kilo 50 da sunan kamfaninsa a fili, sukari, yis, gishiri, bota, da duk wani abin gyaran kwaɓi da kuke sawa, kowanne cikin ainihin mazubinsa, ranar lalacewarsa tana karantuwa. A nan ne batun sirrinki yake. Sirrin mai burodi yana cikin awo da lokaci da hannu, ba cikin sunayen kayan ba, waɗanda kowane yaron gidan burodi ya sani. Ki nuna kayan, ki riƙe awon.

Amma fa hoto yana da iyaka. NAFDAC ta haramta sa sinadarin bromate, mai ƙara wa kwaɓi kumbura, cikin burodi, kuma hoto ba ya iya tabbatar da cewa ba a sa abu ba, abin da aka sa kaɗai yake nunawa. Idan kina da lambar rajistar NAFDAC, ki ɗauki ledar ta yadda lambar za ta fito sarai, ita ta fi ƙarfi a kan duk wani rubutu na "ba ma sa sinadari". Idan rajistar ba ta kammala ba, kada ki rubuta abin da zai sa a zaci akwai ta. Jerin hotunan nan shaida ce da kika ajiye a bainar jama'a da hannunki.

Hoto na uku ruwa ne, kuma a Sakkwato shi na fi so. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, yis ya yi ta gaggawa, kwaɓi ya tashi fiye da kima ya yi tsami, shi ya sa masu burodi ke kwaɓawa da ruwan sanyi ko ƙanƙara. Nuna wannan, tare da inda ruwan ya fito da rufaffen mazubinsa, ki bayyana dalili a layi ɗaya. Mai saye ya koyi abin da bai sani ba, kuma ya gane yana gaban wadda ta san aikinta.

Na huɗu sikeli. A ɗora curin kwaɓi, lambar ta fito, a ce giram 900. Sai ki yi hattara da abu guda: burodi yana rasa wajen kashi goma cikin ɗari na nauyinsa a wuta, don ruwa na fita. Wanda ya ga 900 a hoto ya je ya auna ya sami 800 da 'yan kai zai ce kin yi ƙarya. To ki riga shi, ki rubuta duka biyun, nauyin ɗanye da na gasasshe. Na biyar gwangwanaye na shiga tanda, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Na shida kuwa mutane da yawa kan tsallake shi, alhali yana da nauyi: burodi jere a kan maraga yana hucewa. Idan aka sa shi a leda da zafinsa, tururi ya zama raɓa a ciki, kwana biyu sai fumfuna. Duk mai shayi ya san burodin da ke yin gumi a leda, kuma ya san asarar da yake jawo masa. Idan ya ga an fitar da burodi ƙarfe bakwai, an ɗaure shi ƙarfe tara, ya fahimta ba sai an yi masa bayani ba. Na bakwai shi ne leda da ranar da aka gasa, da wurin da ake samu, da lambar wayar oda.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami. Wani gidan burodi da na taɓa taimakawa, mun ɗauki hoton kwaɓi mai kyau sosai, aka sa. Ba a yi awa biyu ba wata ta zagaye kusurwar hoton da jan layi: tsumma baƙi ƙirin rataye a jikin injin murji. Mu kwaɓi muke kallo, ita bango take kallo. Saboda haka kowane hoto a buɗe shi da yatsu biyu a leƙa kusurwoyi huɗu: buhu a ƙasa ba bisa katako ba, takalmi kusa da tebur, kai ba hula, farce mai tsawo, zobe a hannun mai kwaɓi, taga ba raga lokacin ƙurar hunturu. Abin da aka gani a gyara shi a cikin gidan, a sake ɗauka. Yanke shi daga hoto ba gyara ba ne, don masu sari suna shigowa har ciki su ɗauki kaya, kuma in suka ga riga fara sol ta hoto ce kawai, labarin zai kai Tsohuwar Kasuwa kafin azahar.

Ma'aikata kuma a nemi izininsu. Wanda ba ya son fuskarsa ta fita, hannunsa ya wadatar, dama hannu ake son gani.

Ki ce wa ɗiyarki ta ɗauki hotunan a tsaye, girman 1080 da 1350, ta goge gilashin kyamara don garin fulawa na sa hoto hazo, ta tsaya haske na bayanta. Rubutun kowane hoto kada ya wuce layi biyu, da Hausa. Bayan an sa, ta tura su bi da bi a WhatsApp ma, don yawancin masu shayi da masu shaguna can suke. Sati ɗaya bayan haka ki duba tambayoyin da aka fi yi miki. Idan kowa sakarin yake tambaya, jeri na gaba a tsaya kan buhun sukari da lokacin zuba shi.