Wayata ta cika da kayan WhatsApp

"Jama'a wayata kullum cewa take ba wuri, WhatsApp kadai ya cinye giga 14, ya zan rage ba tare da na rasa takardun makaranta ba?"

Malam ba hirar ce ke cin wuri ba, rubutu bai da nauyi, bidiyon guruf ne. In Media auto-download na kunne, duk wanda aka turo wayarka na saukewa da kanta, mu nan Gombe guruf din biki daya sai ya tara maka giga guda wallahi.

Kafin ka goge komai, bude sabon folda a wajen WhatsApp ka kwafe takardun can, ko ka dora su a Google Drive. Kar ka dogara da sa wa sako tauraro kawai, yana rike sakon ne, in ka share fayil din daga folda ya tafi.

Sai ka shiga Settings > Storage and data > Manage storage, akwai Larger than 5 MB, nan manyan suke, ka zaba ka goge. In Android ce leka foldar Sent ma, abin da kai ka tura yana da kwafi a can kuma baya fitowa a galari, ni giga 3 na tarar.

Daga nan kashe Media auto-download na bidiyo, in ba haka ba wata biyu ka dawo gidan jiya.