Kashi nawa zan riƙa cira kada kuɗin ritaya su ƙare?

"Na yi ritaya ina da shekara 60, ba na son sayen inshorar da ke biyan fansho har mutuwa. Nawa zan riƙa cira duk shekara?"

Ka fara da kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari a shekarar farko, sannan ka riƙa ƙara adadin gwargwadon hauhawar farashi. Idan ka tara miliyan 20, za ka ciri 800,000 a kan kashi 4, kuma idan farashi ya tashi da kashi 5, baɗi ka ciri 840,000. Wannan ƙa'ida ta fito ne daga binciken da William Bengen, mai ba da shawara kan harkar kuɗi, ya yi a 1994 kan kasuwar Amurka, wanda ya ɗauki shekara 30 a matsayin tsawon ritaya, da kimanin rabin kuɗin a hannayen jari, don haka wanda ya zarce shekara 90 ya fita daga lissafin.

Abin da na gani yana karya mutane shi ne faɗuwar kasuwa a shekarun farko, domin a lokacin kana sayar da jari da araha don ka ci abinci, kuma abin da ka sayar ba ya cikin wanda zai farfaɗo. Idan miliyan 20 ta koma 14, cirar 840,000 ta zama kashi 6, wanda a ganina alama ce ta rage hannu. Ni kuɗin cefanen shekara biyu nake ajiyewa a gefe, daga nan nake ci har kasuwa ta miƙe.