Diyazefam da safe kamar an daure kai

"Likita ya rubuta wa mahaifiyata diyazefam saboda rashin barci. Tana barci, amma har azahar kanta a daure yake. Me ya sa?"

Dan'uwa, Allah ya kara wa Hajiya lafiya. A kwakwalwa akwai sinadarin GABA, shi ne birkin jijiyoyi. Idan ya sauka a mazauninsa a jikin kwayar jijiya, sai wata 'yar kofa ta bude, sinadarin kulorayid ya kwarara ciki, jijiyar ta yi sanyi ta daina saurin aika sako. Diyazefam ba ya bude kofar da kansa. Gefe guda yake makalewa, ya sa kofar ta rika budewa akai-akai duk lokacin da GABA ya zo. Daga nan natsuwa da barci.

Matsalar Hajiya kuwa dadewa ce. Hanta tana mayar da diyazefam wani sinadari mai irin aikinsa, wanda kan yi kwanaki a jini, ga shi hantar tsoho ba ta da hanzari. Kwayar daren Litinin ba ta gama fita ba ta Talata ta hau kanta. Shi ya sa ake ganin tangadi a hanyar bandaki, faduwa kuma ga tsohuwa ba wasa ba ce.

Magungunan barci masu gajeren zango irin su tirayazolam suna kawo barci su fice cikin 'yan sa'o'i, safiya garau. Sai dai mutum na iya farkawa tsakar dare, kuma ranar da aka daina, rashin barcin kan dawo fiye da da.

Ku koma wa likitan ku fada masa maganar azahar din nan. In ta yi makonni tana sha, kada ta yanke lokaci guda, don yana iya jawo farfadiya. A hankali ake ragewa.